Inda Baƙo Zai Zauna a Zoben Benzin

Kusan babu gidan da ba a san parasitamol ba. Amma kaɗan ne suka san cewa farkon sunan, wato "para", adireshi ne. Yana faɗin inda wasu rukunan sinadari biyu suka zauna a jikin wani zobe mai kusurwa shida: suna fuskantar juna, ɗaya nan, ɗaya can. Da ɗayansu zai matsa gurbi guda, da an sami wani sinadari dabam mai hali dabam, ba wanda ake sayarwa a kyamis ba.

Me ya sa rukuni na biyu ya zauna a wannan gurbi ya bar wancan? Tambayar nan tana jiran ɗaliban kimiyyar sinadarai da na haɗa magunguna a takardar jarrabawa, kuma da yawansu suna tunkararta da hadda. Sun haddace cewa wannan rukuni yana kai baƙo nan, wancan yana kai shi can. Haddar tana ba da sunan abin da za a samu, sai dai takarda kan ce a yi bayanin dalili, a nan kuma maki ke zubewa. Abin daɗin shi ne dalilin guda ɗaya ne tak, kuma ana iya zana shi a rabin shafi.

Zoben da ake magana sunansa benzin, ana rubuta shi C₆H₆. Michael Faraday ne ya fara ware shi a Landan a 1825, sannan a 1865 August Kekulé ya kawo ra'ayin cewa atam shida na kabon ne suka kama hannun juna suka yi da'ira, kowanne riƙe da haidirojin guda. A ɗauka mutum shida ne suka kewaye akushi. Muddin babu wanda ya bambanta da wani, duk inda baƙo ya zauna daidai ne. Amma da zarar an cire haidirojin ɗaya an sa wani rukuni a gurbinsa, zama ya sami gaba da baya. Ana ba kabon ɗin da ke ɗauke da rukunin lamba 1, a ƙirga sauran a jere. Maƙwabtansa na dama da hagu, 2 da 6, su ake kira orto. Waɗanda ke bayansu, 3 da 5, su ne meta. Na 4, wanda ke fuskantarsa ta ƙetaren akushi, shi ne para.

Da sa'a ce kawai ke raba gurbi, lissafin mai sauƙi ne. Gurbi biyar ne, saboda haka orto zai sami kashi 40 cikin 100, meta 40, para 20. Ba haka ake gani a ɗakin gwaji ba. Idan aka ɗauki toluwin, wato benzin mai ɗauke da rukunin CH₃, aka shigar masa da rukunin naitiro, NO₂, orto kan kwashe kusan kashi 60, para ya haura sulusi, meta kuwa ya tashi da kimanin kashi 4 kacal. Idan kuma rukunin da ke zaune tun farko naitiro ne, al'amari ya juye sarai: meta ne ke kwashe kimanin kashi 93. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Arnold Holleman, ya daɗe yana auna irin wannan rabo har ya tattara shi a littafi a 1910. Bayanin dalili ya zo daga baya, ta hannun Robert Robinson da Christopher Ingold a Ingila cikin shekarun 1920.

Bashin da baƙo ke bari

Zoben benzin yana da elektiron shida da ba su tsaya a ɗauri ɗaya ba, suna kewaya zoben ta sama da ƙasa. Wannan yawo shi ke ba shi natsuwar da aka san shi da ita. Baƙon da ke zuwa kuwa mabuƙaci ne, elektiron yake nema, shi ya sa ake kiransa elektirofil, wato masoyin elektiron. A aikin shigar da naitiro, ana haɗa asid biyu masu ƙarfi su haifar da shi:

HNO₃ + 2H₂SO₄ → NO₂⁺ + H₃O⁺ + 2HSO₄⁻

Wannan NO₂⁺ shi ne baƙon. Abin da ke biyo baya mataki biyu ne. Da farko zobe ya ba da elektiron biyu daga cikin shidansa, ya ɗaure baƙon a jikin kabon guda. Yanzu kabon ɗin yana riƙe da baƙo da kuma tsohon haidirojinsa, da'irar elektiron ta yanke, zobe kuma ya ɗauki cajin fozitif, mai alamar +. A mataki na biyu haidirojin ɗin ya fice a matsayin H⁺, ya bar elektiron ɗinsa biyu, da'ira ta sake haɗewa.

Mataki na farko ne mai wuya, domin a nan zobe ke rasa natsuwarsa. Na biyu gangara ce. Tsakanin su akwai zango, wato zoben nan mai cajin +, wanda ake jingina wa sunan George Wheland, da ya yi bayaninsa a 1942. Duk abin da ya sauƙaƙa wa zangon nan zama, ya rage tudun da ake hawa kafin a kai gare shi, kuma hanyar da tudunta ya fi ƙasa ita ce ta fi sauri. Ke nan babu wani rukuni da ke kama hannun baƙo ya kai shi kujera. Hanyoyi uku ne ke tsere a lokaci guda, rabon da ake aunawa a ƙarshe kuma sakamakon tseren ne.

Ana iya ɗaukar cajin + a matsayin bashi. Baƙo ya karɓi elektiron biyu ya bar wa zobe gibi. Bashin ba ya tsayawa a kan kabon ɗaya, uku ne ke raba shi: maƙwabtan kabon ɗin da baƙo ya kama, su biyu, da wanda ke fuskantarsa. Shi ya sa ake zana zangon sau uku, kowane zane da + a wani wuri. Zane-zanen nan, da ake kira na rizonans, ba abubuwa uku ba ne da ke sauyawa daga wannan zuwa wancan. Abu ɗaya ne da zane guda ba ya iya nuna shi.

Sauran aikin ƙidaya ce. Idan baƙo ya kama kabon na 4, wato para, bashi zai faɗa kan 3 da 5 da 1. Idan ya kama na 2, wato orto, zai faɗa kan 1 da 3 da 5. Idan kuwa ya kama na 3, wato meta, zai faɗa kan 2 da 4 da 6. A hanyar orto da ta para, bashi yana isa ƙofar kabon na 1, inda tsohon rukuni yake zaune. A hanyar meta ba ya taɓa isa can, yana tsallake shi. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe jigon darasin, domin tambayar da ta rage ɗaya ce: idan bashi ya iso ƙofar rukunin nan, zai taimaka ne ko zai ƙara nauyi?

Mai hali da wanda ake bi

A koma kan toluwin. Rukunin CH₃ yana ɗan tura elektiron zuwa ga kabon ɗin da ya riƙe. Ba da yawa ba, amma ya isa. A hanyar para, ɗaya daga cikin zane ukun yana da + a kan kabon na 1, wanda ke manne da wasu kabon uku, har da na CH₃ ɗin. Irin wannan kabon ya fi jure cajin + a kan wanda ke manne da biyu kawai. Haka ma a hanyar orto. A hanyar meta kuwa, duka zane ukun suna ɗora + ne a kan kabon da ba su da wannan mataimaki. Don haka zangon orto da na para suka fi na meta sauƙi, kuma toluwin gaba ɗayansa ya fi benzin saurin karɓar naitiro kimanin sau 25.

Akwai wani abu a alƙaluman toluwin da ido kan wuce. Orto ya fi para yawa, amma kujerunsa biyu ne. In aka raba kashi 60 gida biyu, kowace kujera ta sami kimanin 30, ƙasa da abin da kujerar para guda ta samu. Dalili shi ne cunkoso, domin baƙon da zai zauna a orto sai ya matsu da mai gida. In rukunin ya ƙara girma, kamar C(CH₃)₃ mai rassa uku, para kan kwashe wajen kashi uku cikin huɗu.

Taimakon CH₃ na maƙwabci ne mai ɗan hali. Na rukunin OH, wanda ke jikin finol, ya wuce nan nesa. Oksijin ɗinsa yana da elektiron a ajiye, biyu-biyu, waɗanda ba su shiga kowane ɗauri ba. Idan + ya iso kabon na 1, sai oksijin ya miƙa biyu daga ajiyarsa, ya yi tagwayen ɗauri da kabon ɗin, ya ɗauke bashin ya ɗora wa kansa. Wannan ya ba da zane na huɗu, wanda hanyar meta ba ta da shi. Kuma shi ne mafi daraja a cikinsu, saboda a cikinsa kowane kabon da oksijin ya cika elektiron takwas ɗinsa. Ƙarfin wannan taimako ana ganinsa da ido. Benzin ba ya kula biromin sai an kawo sinadarin da zai zuga su, amma da an zuba ruwan biromin a kan finol, nan take jan ruwan ya washe, wani farin gari ya kwanta a ƙasa. Biromin uku ne suka shiga a 2 da 4 da 6, wato orto biyu da para, suka bar meta fayau.

Naitiro kuwa shi kansa ana bin sa bashi. Naitirojin ɗin da ke manne da zobe yana ɗauke da cajin + tun asali, oksijin biyu suna ja daga gare shi. In baƙo ya kama orto ko para, ɗaya daga cikin zane ukun zai ajiye + a kan kabon na 1, kafaɗa da kafaɗa da + ɗin naitirojin. Caji iri ɗaya ba sa zaman lafiya kusa da juna, don haka wannan zane ba ya tsinana komai, zangon ya yi nauyi ƙwarai. Hanyar meta ce kaɗai ta tsira daga wannan karo.

A nan ne ɗalibai da yawa ke rubuta jumlar da ke cinye musu maki, cewa naitiro yana ƙarfafa gurbin meta. Ba ya ƙarfafa komai. Ya tsotse elektiron daga zoben duka, kowane gurbi ya fi na benzin wuya, meta ne dai wahalarsa ba ta kai ta sauran ba. Shaidar tana kan murhu: ana shigar wa benzin naitiro a wajen digiri 50 na ma'aunin Salshiyas, amma kafin na biyu ya shiga sai an kawo asid mafi ƙarfi an kuma ɗaga zafi zuwa wajen digiri 100.

Kilorin da biromin su ne ke rikita wanda ya dogara da hadda, domin suna rage sauri amma suna kai baƙo orto da para. Kilorobenzin ya fi benzin jinkiri wajen sau 30, duk da haka para kan sami kimanin kashi 70, orto kimanin 30, meta ɗan abin da bai wuce 1 ba. Babu wani saɓani a ciki. Kilorin yana da hannu biyu. Da ɗaya yana jan elektiron ta cikin ɗaurinsa da kabon, wannan ya shafi dukan hanyoyi uku, shi ya kawo jinkiri. Da ɗayan kuma yana da ajiya irin ta oksijin, wadda yake iya miƙawa idan + ya iso kabon na 1, abin da ke faruwa a orto da para kawai. Miƙawar tasa ba ta kai ta oksijin ba, saboda ya fi kabon girma, ɗaurin ba ya kamawa sosai. Ja ne ya yanke hukuncin sauri, miƙawa ta yanke na gurbi. Amsa mai kyau takan raba waɗannan tambayoyi biyu, ta ba kowacce jumlarta.

A kan takarda

A ce tambaya ta zo haka: me za a samu idan aka haɗa naitirobenzin da cakuɗen HNO₃ da H₂SO₄, kuma me ya sa? Mai amsa zai fara da layin da ke nuna yadda aka sami NO₂⁺. Sannan ya zana hanya biyu, ta para da ta meta, kowacce da zane ukunta. Sai dai in an nemi orto ɗin da sunansa, jumla ɗaya ta isa a ce yana bin sawun para. Ya zagaye zanen nan mai + a kan kabon na 1, ya rubuta a gefensa cewa caji biyu iri ɗaya sun yi maƙwabtaka. Ya nuna fitar H⁺. Bayan haka ya rufe da 'yan jumloli masu kama da waɗannan: "Matakin farko shi ne mai jinkiri, don haka sauƙin zangon ne ke nuna hanyar da ta fi sauri. A hanyar orto da para, + yana sauka a kan kabon mai ɗauke da naitiro, kusa da naitirojin mai +. A hanyar meta ba ya sauka can. Saboda haka babban abin da za a samu shi ne wanda rukunan naitiro biyu suke a 1 da 3, kuma aikin ya fi na benzin jinkiri."

Kalmar "babban" tana da amfani a wurin, domin ba a rasa ɗan orto a cikin tukunya.

Kurakuran zane suna da alamomin da mutum zai iya kamawa da kansa kafin ya miƙa takarda. Lanƙwasasshiyar kibiya tafiyar elektiron take nunawa, don haka daga zobe take tashi ta nufi baƙo. In ta tashi daga NO₂⁺, an juya labarin. Kabon ɗin da baƙo ya kama ya riga ya cika ɗauri huɗu, saboda haka ba a ɗora masa +, ba a kuma ba shi tagwayen ɗauri. Wanda ya manta bai zana haidirojinsa ba yakan faɗa cikin wannan rami, ya wayi gari da kabon mai ɗauri biyar. Sannan akwai gwajin lamba: a cikin zane ukun, + yana tsallake kabon ɗaya-ɗaya ne, 1 da 3 da 5, ko 2 da 4 da 6. In ya bayyana a 2 sannan a 3, kibiya ta kauce a wani wuri.

Idan aka kawo rukunin da ɗalibi bai taɓa gani ba, abin dubawa shi ne atam ɗin da ya taɓa zobe kai tsaye. In yana da ajiyar elektiron, orto da para ne. In yana ɗauke da +, ko yana da tagwayen ɗauri da oksijin, meta ne. Rukunan OCOCH₃ da COOCH₃ atam iri ɗaya suka ƙunsa, amma na farko ya taɓa zobe da oksijin mai ajiya, na biyu ya taɓa shi da kabon da oksijin ke ja. Na farko orto da para, na biyu meta.

Har wannan ƙa'ida tana da tarko, kuma masu shirya jarrabawa suna son sa. Anilin yana ɗauke da NH₂, naitirojin mai ajiya, wanda ya fi OH ma kyauta. Kowa zai ce orto da para. Amma in aka jefa shi cikin cakuɗen asid ɗin nan, kusan rabin abin da ake samu meta ne. Asid ya riga baƙo isa wurin ajiyar, ya ɗaura mata H⁺, NH₂ ya koma NH₃⁺. Ajiya ta tafi, + ya zo, mai bayarwa ya koma mai ja. Shi ya sa dole a duba rukuni a cikin yanayin da tambaya ta faɗa, ba kamar yadda yake a kwalba ba. Masu aiki suna kauce wa matsalar ta hanyar sa wa naitirojin riga: su mayar da NH₂ zuwa NHCOCH₃, wanda ba ya kama H⁺ da sauƙi, kuma girmansa ya tare orto. Sai naitiro ya tafi para, daga baya a tuɓe rigar.

Wannan riga, NHCOCH₃, ita ce ɗaya daga cikin rukunan biyu da ke fuskantar juna a parasitamol, ɗayan kuma OH ne. Wata hanya da ake koyarwa ta haɗa shi tana farawa da finol da asid ɗin HNO₃ da aka sirka da ruwa, tun da OH ya riga ya sauƙaƙa aikin. Abin da ke fitowa cakuɗe ne na orto da para, sai an raba. A nan ma gurbi ne ke taimako. A na orto, OH da naitiro suna kusa har haidirojin ɗin OH ya jingina da oksijin ɗin maƙwabcinsa a cikin gida, saboda haka ƙwayoyin ba sa riƙe juna sosai. Yana narkewa a wajen digiri 45, kuma tururin ruwa yana ɗauke shi ya fice da shi. A na para sun yi wa juna nisa, kowace ƙwaya sai ta kama wata, shi ya sa ba ya narkewa sai wajen digiri 114, tururi kuma ya wuce ya bar shi a tukunya. Shi ake kwashewa, a mayar da NO₂ ɗinsa NH₂, sannan a sa masa rigar.